Jabel, alkol da betadin: me ya sa ƙarfin magani kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin cuta

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, za ka tarar da kwalabe biyu ko uku jere a lungu guda: ruwan jabel, alkol, wani lokaci da betadin mai ruwan ɗorawar kwalba. Duka ana ce musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake musanya su. Wani ya tsiyaya jabel a kan yankan wuƙa, wani ya fesa alkol a kan aman mara lafiya, mai aski kuma ya shafa auduga a bakin injinsa ya ɗora a kan mutum na gaba nan take.

A lokacin lafiya, irin wannan kuskure yakan wuce ba a lura ba. Lokacin kwalara kuwa yana iya cin rai. Annobar 2018 ta fara ne a yankin Madarunfa, ta 2021 kuma ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A irin wannan lokaci kowa yana ruga wa jabel. Amma zuba shi kawai ba ya wadatarwa. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: a kan me aka zuba, da wane ƙarfi, kuma minti nawa ya yi a wurin yana jiƙe.

Na fata daban, na kaya daban

Ma'aikatan lafiya sun kasa waɗannan magunguna gida biyu. Wanda ake sa wa a jikin mai rai, wato fata, rauni ko cibiyar jariri, shi ne antisaftik. Wanda ake sa wa a kan abin da ba shi da rai, kamar daɓe, bokiti, makewayi ko gadon mara lafiya, shi ne dezanfektan. Kalmomin nan biyu su ne rubuce da Faransanci a jikin kwalaben farmasi, kuma sanin su ya isa ya hana kuskure da yawa.

Dalilin rabon mai sauƙi ne. Sinadarin da ke narkar da jikin bakteriya ba ya tambaya ko naman da ya taɓa na ƙwayar cuta ne ko na mutum. Daɓen siminti ba ya jin zafi, don haka ana iya zuba masa mai ƙarfi. Rauni kuwa yana cike da sababbin ƙwayoyin nama masu ƙoƙarin haɗe bakinsa. In aka ƙona su, an kashe wasu bakteriya, an kuma bar mataccen nama wanda waɗanda suka tsira za su ci su hayayyafa.

Wani lokaci sinadarin ɗaya ne, haɗin ne ya bambanta. Ruwan dakin da ake sayarwa a farmasi don wanke gyambo, asalinsa ɗaya da jabel. Masanin sinadarai Henry Dakin ne ya haɗa shi a 1915, domin raunukan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa. Kulorin da ke cikinsa kusan 0.5% ne, kuma an rage masa kaifin da ke cin nama. Jabel na wanki ya ninka shi ƙarfi sau biyar zuwa bakwai, kuma yana ɗauke da irin kaifin sodar sabuni. Shi ya sa yatsu ke santsi in sun taɓa shi: maiƙon fatar ne ya fara narkewa. Tsarma jabel da ruwa a gida ba ya mayar da shi dakin.

Ba a tashi guda suke mutuwa ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar magani ya taɓa wuri, aiki ya ƙare. A 1908, wata masaniya ƴar Ingila mai suna Harriette Chick ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Ta zuba bakteriya cikin maganin kashe su, tana ɗiba lokaci zuwa lokaci tana ƙirga waɗanda suka rage da rai. Abin da ta gano shi ne, a kowane minti wani kaso ne na waɗanda suka rage yake mutuwa.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ce akwai bakteriya miliyan ɗaya a kan tebur, kuma maganin da aka shafa yana kashe tara cikin kowace goma a minti guda. Bayan minti ɗaya saura 100,000. Bayan minti biyu saura 10,000, bayan uku 1,000, bayan biyar kuwa saura 10 kacal. Wanda ya goge teburin bayan minti ɗaya ya kashe kashi 90 cikin ɗari, adadin da ke da daɗin ji, amma ya bar 100,000 da ransu. Haka ma 99.9% ɗin da ake bugawa a jikin kwalabe: cikin miliyan ɗaya, 1,000 ne ke tsira. Ma'aunin da ake gwada irin waɗannan magunguna da shi a Turai yana neman 99.999%, cikin lokacin da kamfanin ya rubuta.

Wannan lissafi yana koyar da abu biyu. Na farko, mintocin ƙarshe suna da daraja daidai da na farko. Na biyu, in aka rage yawan ƙwayoyin tun kafin a sa magani, ta hanyar wanki da ruwa da sabuni, an rage wa maganin nisan tafiya.

Akwai kuma abin da yanayinmu ke ƙarawa. Lokacin da ake ƙirgawa shi ne wanda wurin ya yi yana jiƙe. A bazara, ko cikin iskar hunturu, tsumman da aka matse sosai yana barin danshin da ke bushewa cikin minti ɗaya ko biyu. Daga lokacin da ya bushe, agogo ya tsaya. In ana son minti 15, sai a jiƙa wurin sharkaf, in ya fara bushewa a sake shafawa.

Abin da ƙarin ruwa ke jawowa

A shekarar da Chick ta fitar da bincikenta, wani masani mai suna Herbert Watson ya ƙara masa lissafin ƙarfi, wato yadda lokacin kisa ke tsawaita in an tsarma magani. A nan magungunan ba halinsu ɗaya ba.

Kulori yana da sauƙin hali. In aka raba ƙarfinsa biyu, lokacin da yake buƙata yakan ninka kusan sau biyu. A kan wannan ne aka gina tsabtace ruwan sha. Ruwan sha ba ya ɗaukar kulori mai yawa, rabin miligiram a lita ne ake son ya rage a ciki, wato kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin ruwan wanke hannu a cibiyar kwalara. Abin da ya rasa a ƙarfi sai ya rama da lokaci, shi ya sa ake jiran minti 30 bayan an jefa ƙwayar akwatabs a bido kafin a sha. Wanda ya sha bayan minti biyar ya ji ɗanɗanon kulori, amma aikin bai kammala ba.

Dangin fenol kuwa, waɗanda baƙin ruwan girezil na makewayi yake cikinsu, ba sa yafiya haka. Shi fenol ɗin kansa, in aka raba ƙarfinsa biyu, lokacin kisa yana ninkawa kusan sau 64. Aikin minti 10 sai ya koma na fiye da awa 10. Mai tattali da ya ninka ruwan da kwalba ta ce domin ta daɗe, zai ga ruwan ya yi fari kamar madara, zai ji warin nan mai cika hanci, amma kusan warin kaɗai ya rage masa.

Alkol: 70 ya fi 90

Alkol shi ne ya fi rikita mutane, domin a wurinsa mafi ƙarfi ba shi ne mafi kisa ba. Yana kashe bakteriya ne ta hanyar daskarar da sinadaran ginin jikinta, kamar yadda zafi ke daskarar da farin ƙwai, kuma wannan aiki yana buƙatar ruwa. Alkol mai digiri 90 ko 95 ruwansa kaɗan ne, ga shi kuma yana tashi iska da sauri. Mai digiri 70 yana ratsa ƙwayar, yana kuma daɗewa a jiƙe. Ingancinsa yana tsakanin 60 da 80, in ya sauka ƙasa da 50 kuma sai ya faɗi warwas.

Wanda ke da alkol mai digiri 90 na farmasi yana iya mayar da shi 70: a kowane mililita 100 a ƙara mililita 31 na ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce. Kusan awo uku na alkol ne da awo ɗaya na ruwa. Ƙara ruwa rabi da rabi, kamar yadda wasu ke yi wa ruwan shafa hannu don ya ƙara auki, yana kai shi inda ba ya da amfani.

Shi ma yana da lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shafa hannu da alkol ya ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30, a zuba wanda zai jiƙa hannu duka, a yi ta murzawa har ya bushe da kansa. Kafin allura ma, ana goge fata ne a jira ta bushe, ba a hura mata iska ba, ba a kuma share ta da busasshiyar auduga ba.

Iyakokinsa uku ne da ya kamata a sani. Ba ya aiki a kan hannun da ke da ƙasa, maiƙo ko kashi, wannan aikin sabuni ne. Ba a zuba shi cikin buɗaɗɗen rauni, domin raɗaɗin da ake ji alama ce ta nama yana ƙonewa. Sannan ba ya kashe bakteriyar da ta shige ƙoƙonta ta kwanta, kamar ta ciwon tetanos da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi. Wanda ƙusa ta soka, riga-kafi yake buƙata. A wurin aski kuma, shafar auduga ta daƙiƙa biyu a kan injin da ke cike da gashi da maiƙo ba ta yin wani abin kirki. Reza dai sabuwa ce ga kowane mutum.

Ga ƙaramin rauni, abin da ya fi amfani shi ne a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta da sabuni, sannan a shafa betadin mai ruwan ɗorawar kwalba, mai ƙarfin 10%, a ba shi aƙalla minti ɗaya. Mai jar kwalba sabuni ne na wanki, ana ɗauraye shi bayan an yi amfani da shi. Jariri sabon haihuwa ba a sa masa betadin, domin aidin ɗin yana ratsa fatarsa.

Gidan da kwalara ta shiga: lissafin bokiti uku

A ce wani a gida ya kwana yana amai da zawo mai kama da ruwan shinkafa. Abu na farko shi ne a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Aikin da ya rage wa mutanen gida shi ne hana cutar kama na biyu. A cibiyoyin jinyar kwalara ana aiki da ƙarfin kulori uku: 2% don kashi da amai, 0.2% don daɓe, gado, bokiti da kwanuka, sai 0.05% don hannu da tufafi.

Matakin farko shi ne karanta kwalba. Wasu suna rubuta kaso, kamar 2,6 % c.a., wasu kuma digiri, kamar 8° ko 12°. Don mayar da digiri kaso, a ninka shi da 0.3. Digiri 12 ya zama 3.6%, digiri 8 ya zama 2.4%. Daga nan lissafin ɗaya ne:

awon ruwa = (ƙarfin kwalba ÷ ƙarfin da ake so) − 1

Mu ce kwalbar gidan mai digiri 12 ce. Don bokitin daɓe, 3.6 a raba da 0.2 ya ba da 18, a cire 1 saura 17. Awo ɗaya na jabel ke nan da awo 17 na ruwa. Da robar ruwan sha mai rabin lita, cikinta ɗaya na jabel da cikinta 17 na ruwa sun ba da lita 9, daidai bokiti mai lita 10. Bayan awo a yar da robar, kada yaro ya ɗauka ya sha da ita.

Ruwan hannu ba ya buƙatar sabon lissafi. A ɗebi awo ɗaya daga bokitin daɓe, a ƙara awo uku na ruwa, an sami 0.05%. Na kashi da amai kuwa, 3.6 a raba da 2 ya ba da 1.8, a cire 1 saura 0.8, wato awo biyar na jabel da awo huɗu na ruwa. In kwalbar mai digiri 8 ce, bokitin daɓe awo 11 na ruwa zai ci maimakon 17, na kashi kuma ana zuba shi kusan yadda ya fito daga kwalba.

Me ya sa kashi ke neman ƙarfi sau goma fiye da daɓe, alhali ƙwayar kwalara ɗaya ce? Saboda kulori yana ƙarewa a wurin aiki. Duk abin da ya tarar, kashi, jini, ragowar tuwo, yana faɗa masa, kuma kowane faɗa yana cinye wani ɓangare nasa. Abin da ya rage ne ke isa ga bakteriya. Don haka a zuba mai 2% har ya rufe abin da ke cikin fo ko bokiti, a rufe, a bar shi aƙalla minti 15, sannan a juye a masai. Daɓen da aka yi amai a kai, a fara kwashe ƙazantar da tsumma ko takarda, hannu cikin safar roba ko leda, a jefa cikin bokitin mai 2%. Sai a wanke wurin da sabuni, a ɗauraye, sannan a shafa mai 0.2% a bar shi jiƙe minti 15. Zanen gado da tufafi, a wanke su, a jiƙa cikin mai 0.05% na minti 15, a ɗauraye, a shanya a rana. Kwanuka kuma a ɗauraye su da ruwa mai tsabta bayan jiƙon.

Ƴan uwa da ke zaune a waje su lura da wani abu kafin su turo shawara ta waya. Kwalbar da aka fi sani a Faransa 2.6% ce, akwai kuma ta cikin leda mai 9.6% da sai an tsarma. Wadda ta fi yawa a Najeriya 3.5% ce, ta Amurka kuwa takan kai 5% zuwa 8%. “Murfi biyu a bokiti” na can ba daidai yake da na nan ba. Ƙa'idar lissafin ce ta fi dacewa a turo.

Inda abin ke lalacewa

Jabel yana tsufa. Zafi da hasken rana suna cin ƙarfinsa ko da kwalbar a rufe take, kuma wadda ta yi watanni a rumfar kasuwa cikin zafin digiri 40 ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. A duba ranar da aka yi shi, a ajiye shi a inuwa. Wanda ake sayarwa a tsiyaye cikin robar da ba ta da rubutu, ba a san ƙarfinsa ba, lissafin sama kuma ba zai yiwu da shi ba. Wanda aka tsarma, a haɗa sabo kowace rana, cikin bokitin roba mai murfi da ruwa mai sanyi, domin kulori yana cin ƙarfe, ruwan zafi kuma yana lalata shi.

Hanci ba ma'auni ba ne. Warin da ke tashi da ƙarfi in an zuba jabel a makewayi yawanci haɗuwarsa ce da fitsari, kuma wannan hayaƙi yana cutar da ido da huhu. Haɗa shi da ruwan asid na wanke masai ya fi haka haɗari, domin yana fitar da iskar kulori mai shaƙe mutum. Jabel da ruwa kaɗai ake haɗa shi. In aka yi kuskure aka fara tari da hawaye, a fita waje nan take, a bar ƙofa a buɗe.

Akwai alamun da ke nuna haɗi ya yi ƙarfi: hannu ya yi santsi ko ya fara tsagewa, tufafi su koɗe ko su huje. Rashin ƙarfi kuwa ba ya nuna kansa a ido. A ruwan sha, ma'aikatan ruwa suna gwada shi da wata ƙaramar ƙwaya da ke sa ruwan ya yi ja-ja in akwai sauran kulori bayan minti 30. A gida, ɗan warin kulori bayan wannan lokaci alama ce mai kyau. Ruwan gulbi ko na tafki mai laka yana cinye kulorin, yana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta cikin ƙurarsa, don haka a bar shi ya kwanta, a tace, sannan a sa maganin gwargwadon abin da takardarsa ta ce game da ruwa mai duhu.

Kuskuren da ya fi tayar da hankali ya faru ne da maganin da ake ɗigawa a cibiyar jarirai, kulorheksidin mai ƙarfin 7.1%. Yana rage mutuwar jarirai daga ruɓewar cibiya, musamman waɗanda aka haifa a gida. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan rahotanni daga wasu ƙasashen Afirka cewa an ɗiga shi a idon yara, saboda kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, har wasu suka makance. Kasancewar magani na jiki ne ba ya nufin ya dace da ko'ina a jiki. Kafin damina ta kankama, yana da kyau kowane gida ya ware kwalaben fata daga na daɓe, ya rubuta ƙarfi a jikin kowane bokiti, ya kuma ajiye su duka inda hannun yaro ba ya kai.